Saƙon da ya zo wa Mama ranar 13 ga Janairu

Mu uku ne muka rage a gida tare da Mama, a wani ƙauye cikin ƙasar Karaye, ta ɓangaren da ake bi a shiga Rogo. Babban yayanmu yana Ingila tun shekarar 2022, yana aikin kula da tsofaffi. Abin da za mu ba ku labarinsa saƙo ne na minti huɗu da ɗan kai, amma sai da aka shekara ana shirya shi, domin na farko da ya aiko bai shiga ba.

Na farkon ya zo ne ranar 1 ga Janairu, 2025, bayan mun dawo daga sujadar sabuwar shekara. Yaya ya duba hoton katin zama ɗan ƙasa na Mama da ke cikin wayarsa, ya ga an rubuta 1 ga Janairu, 1970, sai ya turo hoton wani kek mai kyandirori da dogon rubutu da Turanci. Mama ba ta karatun boko, kuma wayarta ƙarama ce mai madannai, saboda haka ta wayar ƙanwarmu saƙon ya shigo, mu muka fassara mata. Mun yi iya ƙoƙarinmu. Da muka kai wurin da ya ce ita ce sarauniyar zuciyarsa kuma yana ƙaunarta fiye da komai, autanmu ya fashe da dariya, mu ma muka kasa haɗa ido. Mama ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Lafiya dai yake ko?" Muka ce lafiya ƙalau. Ta ce to madalla, ta tashi ta ɗauki ƙwaryar dusa ta nufi wurin awaki.

Yaya ya jira amsa har dare. Da ya kira, muka ce ta ji kuma ta gode. Ya san mu, ya san ƙarya muke yi masa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Har yanzu maganar Baba ce ko?"

Babanmu ya rasu a watan Fabrairu na 2023, a tsakiyar wahalar takardun kuɗi da aka sha lokacin da aka sauya fasalin naira. Yaya bai cika shekara a wurin aiki ba, bashin da ya ci na tafiya yana kansa, bai samu zuwa ba. Kuɗin da ya turo sun shigo asusu a daren, amma mun zaga masu POS daga Karaye har Gwarzo ba mu samu abin kirki a hannu ba. Da taimakon zumuntar mata da buhun masarar da maƙwabcinmu ya ranta mana aka ciyar da masu gaisuwa. Tun daga lokacin, duk wata kuɗi na zuwa ba fashi, amma magana tsakaninsa da Mama ba ta wuce gaisuwa. Shi yana ganin fushi take yi. Mu da muke zaune da ita mun san abin ya fi haka tsufa.

Yaya ɗan fari ne. Wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san abin da wannan ke nufi, ko a coci yake ko a masallaci, domin al'adar ta girmi zuwan bishara gidanmu. Mama ba ta taɓa kiran sunansa ba. In za ta yi maganarsa sai ta ce "yayanku" ko "wancan na turai." Akwai wani yaro a ajin Lahadi mai suna irin nasa, shi ma "ɗan gidan malam" take ce masa. Da aka yaye Yaya, gidan kakarmu a ƙasar Rogo aka kai shi, bai dawo ba sai a 1992, shekarar da aka gama madatsar ruwan Challawa, yana ɗan shekara bakwai. Ya dawo ya tarar da mace wadda ke zuba masa tuwo fiye da na kowa amma ba ta kallon fuskarsa. Shi ma ya koyi nasa ɓangaren. Bai taɓa ce mata Mama ba. "Kun kwana lafiya?" yake cewa, "Sannunku da aiki," kamar da mutum biyar yake magana. Ranar da zai tafi Ingila ta raka shi har bakin zaure, ta ce Allah ya kiyaye hanya tana duban ƙasa, ta juya. Mu ne muka ga ba ta ci abinci ba kwana biyu.

To ku duba abin da muka yi wa wannan matar ranar sabuwar shekara. Mun tsayar da ita a tsakar gida, gaban 'ya'yanta da matar maƙwabci, muka karanta mata kalaman da ko mijinta bai taɓa faɗa mata a bainar jama'a ba, daga bakin ɗan da ba ta iya kiran sunansa. Ba ta da wata mafita da ta wuce awaki.

Sannan ranar ma ba tata ba ce. Lokacin rajista, yaron da ke zaune gaban na'ura ya tambaye ta shekarunta, ta ce ba ta sani ba, ya ɗaga kai ya dube ta, ya buga abin da ya ga dama. Ku bincika katin iyayenku mata, za ku sha mamakin yawan waɗanda aka haifa ranar 1 ga Janairu. Da muka gaya wa Mama cewa yau ce ranar haihuwarta, abin da ta ce shi ne, "In ji wa?"

Wannan tambayar ce ta tsaya wa Yaya a rai. Wajen watan Agusta ya kira mu ya ce yana so mu nemo masa ainihin ranar. Mun ɗauka wasa yake. A lokacin da aka haifi Mama kakanninmu suna bin addinin gargajiya, babu littafin baftisma, babu katin asibiti, a ɗaki ungozoma ta karɓe ta. Amma ya ce mu je Rogo wurin Inna, yayar Mama, wadda ta girme ta da wajen shekara goma sha biyu, mu tafi da goro da sabulu, kada mu tambaye ta kwanan wata. Ya ce mu tambaye ta abin da ake yi a gari.

Mun hau babur ranar wata Asabar, hanya duk taɓo, rake ya yi tsawo dama da hagu. Inna ta yi mana dariya sosai kafin ta fara magana. Abu na farko mun riga mun san shi: sunan da ake kiran Mama da shi a gidansu na ranar Alhamis ne, wato Lami, kamar yadda ake ce wa ta Lahadi Ladi, ta Juma'a Jummai, ta Asabar Asabe. Ranar mako ta samu ke nan. Na biyu, Inna ta ce ana tsananin hunturu, ita aka sa ta riƙa ɗebo karan dawa ana hura wutar ruwan wankan jego. Na uku ne ya sa muka gyara zama. Ta ce, "Uwarku tana ɗaki ko suna ba a yi ba, aka zo da labari daga kasuwa cewa soja sun kashe Sardauna. Shi ya sa ranar sunanta ba a yi kiɗa ba. Babanmu ya riga ya kira makaɗa, mai unguwa ya aiko a bari."

Mun tura wa Yaya wannan a daren, shi ya zauna da kalanda. An kashe Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, a Kaduna da asubahin Asabar, 15 ga Janairu, 1966. Suna kuwa ranar da mako ya zagayo ake yinsa, wanda aka haifa Alhamis, Alhamis ta gaba za a raɗa masa. Alhamis ɗin da ke kusa su ne 6 da 13 da 20 ga wata. In 6 ce, an yi suna ranar 13, Sardauna yana da rai, ba abin da zai hana kiɗa. Saura biyu. Ta 13 ta fi dacewa, amma Yaya ya ce kada mu yi gaggawa: ƙauye ne, ba kowa ke da rediyo ba, ta yiwu labarin ya yi kwana biyar ko shida kafin ya iso, ya tarar da jaririyar da aka haifa ranar 20.

Sai da muka sake komawa Rogo. Muka tambayi Inna su wa suka zo sunan, me aka ci. Ta ce an yi tuwon dawa da miyar kuka, an yanka akuya, kuma maƙwabtansu Musulmi sun zo barka amma ba su ci a wurin ba, an zuba musu a akushi suka tafi da shi saboda suna azumi. Nan magana ta ƙare. A shekarar, ƙaramar Sallah ta faɗo ne 'yan kwanaki bayan 20 ga Janairu, kafin 27. Da ranar 20 aka haife ta, sunan zai kama 27, an riga an sha ruwa an yi Sallah. Tun da ana azumi ranar suna, to sunan ranar 20 aka yi shi, haihuwa kuma Alhamis, 13 ga Janairu, 1966. Katin ya rage mata shekara huɗu. A Janairun 2026 Mama za ta cika sittin cif.

Ba mu ce kowa zai dace haka ba. Mun yi sa'a abu uku sun haɗu: sunan rana, babban abin da ya faru da kowa ya san kwanan watansa, da tsohuwa mai kaifin tunani wadda ta ga abin da idonta. Da muka gwada wa Baba, Allah ya ba mu haƙurin rashinsa, iyakar abin da muka samu shi ne ya yi kaciya kafin a daina kashe fam da sule, wato kafin 1973, kuma wannan bai kai mutum ko'ina ba. In kuna da irin Inna a danginku, kada ku bari sai baɗi.

Wani dattijo a majami'armu da ya ji abin da muke shiryawa ya ce shi bai ga amfanin bikin ranar haihuwa ba, mutum biyu ne Littafi ya nuna suna yinsa, Fir'auna da Hirudus, kuma duka biyun sai da aka kashe wani a ranar. Gaskiya ne, yana nan a Farawa sura 40 da Markus sura 6. Muka ce masa Baba, mu ba biki za mu yi ba, ko kaza ba za a yanka ba. Ya ce to in haka ne ba laifi, amma in an fasa an yanka a tuna da shi.

Saura yadda saƙon zai isa. A nan mun yi gardama da Yaya. Shi yana son kiran bidiyo, ya ga fuskarta. Muka ce a'a. Na ɗaya, a gidanmu sai an je gindin tsamiyar bayan gida sabis ke kamawa, nan ma yana yankewa, kuma duk mai wucewa zai tsaya kallo. Na biyu, kiran bidiyo yana tilasta mata ta dube shi ta amsa nan take, abin da ba ta yi ba shekara arba'in. Muka ce ya yi saƙon murya, da Hausa, ba tare da ya rubuta ya karanta ba, domin Mama tana gane muryar mai karatu, ta ce irin ta masu sanarwa ce a coci. Saƙon murya ba ya buƙatar mai fassara, ba ya buƙatar amsa, kuma ana iya jinsa a ɗaki an rufe ƙofa.

Ya ce sau shida yana ɗauka yana gogewa. Ya turo ranar Litinin da dare bayan ya tashi aiki. Da safe ƙanwarmu ta kai waya shagon mai caji a bakin hanya, domin saƙon WhatsApp yana zuwa ne a matsayin `opus`, ƙaramar wayar Mama kuwa ba ta buɗe shi. Yaron shagon ya mayar da shi `mp3`, ya sa a katin waya, wurin da waƙoƙin zumuntar mata suke. Mun nuna mata madannin da za ta taɓa, muka ce saƙo ne daga yayanmu, nata ne ita kaɗai. Muka fita muka bar ta. Ba za mu ɓoye muku ba, mun riga mun saurara tun a shago.

Minti ɗaya na farko gaisuwa ce zalla, yadda ake yi. Ya tambayi kwana, ya tambayi sanyi, ya tambayi ƙafarta da ke ciwo, da awaki, da Inna ta Rogo, da ko an gama sussukar dawa. Duk da "ku" yake magana. Sannan ya ce, "Na aiki yara wurin Inna. Ashe ranar Alhamis aka haife ku, 13 ga wannan wata, kwana biyu kafin rasuwar Sardauna. An kira makaɗa aka hana su kiɗa. Yau shekara sittin ke nan. Na ce bari in gaya muku, tun da ba wanda ya taɓa gaya muku."

Bai ce yana ƙaunarta ba ko sau ɗaya. Abin da ya yi shi ne lissafi. Ya ce yana sane da jar tunkiyar da ta ɓace daga gida makon da za a rufe biyan kuɗin jarrabawarsa ta gama sakandare, aka ce masa kura ce ta ɗauke, alhali rabon yankinmu da kura tun kafin a haife shi. Ya ce yana sane da cewa mazarƙwailar da kakarmu ke ba shi a Rogo duk ranar kasuwa ba kaka ce ke saye ba. Ya ce lokacin da ya yi ƙyanda yana ɗan shekara biyar, akwai wadda ta zo da dare ta zauna a bakin gadonsa har asuba ta tafi kafin gari ya waye, kuma ya yi kamar barci yake don kada ta ji kunya ta tashi. Wannan na ƙarshen mu kanmu ba mu taɓa ji ba.

Daga nan muryarsa ta canja. Ya ce, "Ban zo na binne Baba ba. Na ce bashi ne da aiki, kuma gaskiya ne, amma da na matsa da na zo ko bayan wata guda ne. Tsoro na ji in shigo gidan in tarar ba shi. Tsofaffin da nake yi wa wanka a nan, wasu 'ya'yansu suna gari ɗaya da su amma sai Kirsimeti suke leƙowa, ina ganin laifinsu, rannan na tuna ni ma haka nake. Ki yafe mini, Mama." Wurin nan kaɗai ya ce "ki," kuma wurin nan kaɗai ya ce Mama. Ya rufe da addu'a gajeriya, Ubangiji ya ƙara mata lafiya da shekaru, ya ce ya nemi hutu a watan Afrilu.

Mama ta shiga ɗaki da hantsi, ba ta fito ba sai bayan azahar. Muna jiyo muryar Yaya ta bango tana ƙarewa tana sake farawa. Da ta fito fuskarta a wanke, ta ce wa autanmu ya kai wayar caji, ta mutu. Ba ta ce komai a kan saƙon ba, mu ma ba mu tambaya ba. Ta jiƙa gero, da yamma ta dama kunun tsamiya mai yawa ta aika gidaje huɗu, abin da ba ta saba yi ba sai da dalili. Matar maƙwabci ta leƙo ta ce na mene ne, Mama ta ce, "Wai yau na cika sittin."

Yaya kuwa yana can yana duba waya. A watan Janairu agogonmu yana gaban nasu da awa ɗaya, saboda haka lokacin da muka gama cin tuwo shi bai tashi aiki ba. Ya turo alamar tambaya sau uku. Mun rasa abin da za mu ce masa, domin ba ma son mu sake yi masa ƙaryar bara.

Wajen ƙarfe tara Mama ta kira ƙanwarmu ta ce ta kawo babbar wayar. Ta ce, "Wannan abin da yake yi, in na yi magana zai ji?" Aka ce zai ji. Aka danna mata. Ba ta dubi wayar ba, mu ta duba, kamar mu take ba saƙo mu kai. Ta ce:

"Ku gaya wa yayanku na ji. Ku ce masa tunkiyar ba ja ba ce, baƙa ce mai farin goshi, jar ta Babanku ce. Maganar Babanku kuma, babu komai, shi da kansa ya ce kada a taso shi, ni ce ban faɗa ba. Ku ce ya riƙa sa rigar sanyi. In zai zo Afrilu ya sani zafi ake yi, kada ya kwaso kaya, ya zo kawai." Ta ɗan tsaya, har ƙanwarmu za ta saki madannin, sai ta ƙara da cewa, "Allah ya yi masa albarka. Allah ya yi maka albarka." Ta miƙe ta ce wa ya bar ƙofar awaki a buɗe.

Sakan talatin da takwas ne. Sai da ƙanwarmu ta je gindin tsamiya cikin sanyi ta ɗaga waya sama kafin ya tafi. Alamar ta nuna ya saurara nan take, amma bai rubuto komai ba sai washegari, ya ce mu tambayi yaron shago ko akwai hanyar da zai ajiye saƙon kada ya ɓace in wayarsa ta lalace.

Katin Mama har yanzu 1 ga Janairu, 1970 yake nunawa. Mun yi maganar gyarawa, aka ce sai an yi takardar rantsuwa a kotu an biya kuɗi an yi ta zirga-zirga, Mama ta ce a bar wa gwamnati ranarta. Ranar Lahadin da ta biyo baya, a wurin zumuntar mata, an ce ta gaya wa ƙawayenta biyu su je su nemi tsofaffin gidajensu tun suna da rai. Ɗaya daga cikinsu Talatu ce ta rana, kuma ta ce ita an haife ta shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, wato 1972. 'Yarta ta riga ta zo ta same mu da littafi da biro.